Daga Tabarmar Zubi: Takardar da ta sayar da irin albasarmu

  

A wannan fitowa za mu yi magana kan tambayar da kowace mai sana'a ta taɓa sha a kasuwa: "Don mi naki ya fi na sauran tsada?" Idan kina zaune gaban kayanki, bakinki zai ba da amsa. Amma yanzu kaya suna zuwa inda ƙafarmu ba ta zuwa. Muna ba yaro ya kai kasuwa, muna ajiyewa a shagon wani, muna aika hoto ta waya. A nan ƴar takardar da ke jikin kayan ita ce bakinmu. To, mi ya kamata a rubuta a cikinta? Za mu ba ku labarin abin da ya same mu bara da irin albasa, don a kansa munka koyi darasin, kuma ba da arha munka koye shi ba.

Mu bakwai ne cikin ƙungiyarmu munka haɗa kai, munka ɗauki bashin jika 40 a asusu don mu fitar da iri a garka. Da munka gama, mun samu gwangwanin madara 60. Sakatariyarmu ta buɗe kaye ta lissafa komi: albasar da munka hana kanmu sayarwa, man injin ban ruwa, taki, ladan yaran da sunka taya mu, da ledar ƙullawa. Kowane gwangwani ya tsaya mana jika 1 da dala 160. A kasuwa kuwa ana sayar da gwangwani jika 2. In mun bi kuɗin kasuwa, ribarmu dala 40 ke nan a gwangwani, mu bakwai, bayan aikin da ya haura shekara. Sai munka tsaida jika 2 da rabi.

Takardarmu ta farko ga abin da ta ce: "Irin albasa mai kyau ƙwarai. Ɗan Galmi na asali. Mun sha wahala a kansa. Sai an gwada akan san na ƙwarai." Mun ji daɗinta sosai, har da tafi. Kasuwa uku ana kai shi, gwangwani 4 kaɗai anka saya, biyu daga ciki ma dangi ne.

Wanda ya buɗe mana ido wani dattijo ne mai garka. Jikansa ya karanta masa takardar, ya yi dariya ya ce wa ma'ajiyarmu: "Ɗiyata, duk mai iri a kasuwag ga ɗan Galmi ya ka saidawa. Wa kin taɓa ji ya ce nashi ba shi da kyau? Wahalarku kuwa Allah shi ba ku lada, amma ni ba wahala ni ka shibkawa ba."

Maganar ta yi mana zafi, amma da munka zauna ranar zubi munka juya ta, sai munka ga gaskiya ce. Takardarmu tana da ciwo biyu. Na farko, duk abin da munka rubuta, mai iri mafi lalacewa ma zai iya rubuta shi ba tare da an kama shi ba. "Mai kyau" da "na asali" ba su da ma'auni. Sunan Galmi kuwa, tun da albasar wannan yanki ta yi suna har Abijan da Akara, ya zama rigar kowa. Na biyu, mun rubuta dalilinmu na ƙara kuɗi, ba mu rubuta dalilinsa na biya ba. Gajiyarmu tamu ce. Shi abin da ya dame shi guda ne: in ya yafa wannan iri, mi zai fito?

Daga nan munka sa wa kanmu doka. Duk layin da za mu rubuta sai ya amsa tambaya biyu. Shin wani abu ne da mai saye ba ya iya gani da idonsa? Shin kuma yana da hanyar da zai bi ya gane ko ƙarya muke? Layin da ya faɗi ko ɗaya daga cikinsu, a goge.

Irin albasa ya dace da wannan doka, don baƙi ne ƙanana, na bana da na bara duk kamarsu ɗaya a tafin hannu. Mun tambayi mazanmu da ƴan uwanmu masu garka abin da suke tsoro in za su sayi iri. Amsar ba ta wuce uku ba.

Tsoro na farko, kada ya ƙi fitowa. Irin albasa ba kamar gero ba ne da ke daɗewa a rumbu. Ƙarfinsa yana raguwa da sauri, musamman in ya sha zafi da laimar damina, kuma in ya haura shekara ba a cika dogara da shi ba. Wanda ya yafa mataccen iri ba kuɗin iri kaɗai ya yi asara ba. Sai ya yi kwana goma ko fiye yana ban ruwa kafin ya gane, sannan ya koma neman wani, dashensa ya makara.

Saboda haka munka yi gwaji. Mun ɗebo iri daga saman buhu, da tsakiya, da ƙasa. Daga kowane wuri mun ƙirga ƙwaya 100 cif, mun jera a tsumma mai tsabta da anka jiƙa anka matse, mun naɗe, mun ajiye a gindin randa. Gindin randa ba don ado ba ne: irin albasa ba ya son zafi mai yawa wajen tsira, in kin bar tsumman a ɗaki mai kwano zai ba ki lissafin ƙarya. Kullum ana yayyafa ruwa kaɗan, kada ya bushe, kada kuma ya yi jagab. Ranar kwana 12 munka buɗe munka ƙirga waɗanda sunka tsira sosai, ban da waɗanda sunka ɗan tsage baki kawai. Mun samu 91, da 90, da 88.

Nan gardama ta tashi. Wata ta ce a rubuta 91, wata ta ce a ce 90 tun da shi ne tsakiya. Mun rubuta 88. Dalili, in mutum ya je gida ya gwada ya samu 89, wanda anka ce masa 91 zai ce an cuce shi, wanda anka ce masa 88 zai ce matan nan ba su ƙarya. Iri ɗaya ne, lamba ce kawai ta bambanta. Kuma mun sa ranar da anka yi gwajin, don lambar da ba ta da rana ba ta da amfani. Gwajin watan Afirilu ba ya shaidar iri a watan Oktoba.

Tsoro na biyu ya fi na farko nauyi, don shi ba ya bayyana sai bayan wata uku ko huɗu. Albasa a ɗabi'arta shekarar farko kai take yi, a ta biyu ta yi fure. Amma a kowace garka akwai waɗanda ke fidda kara su yi fure tun shekarar farko. Irin wannan kan albasa yana da kara mai tauri a tsakiya, ba ya jimre ajiya a rudu, ƴan kasuwa kuma suna ware shi gefe. Hanya mafi sauƙi ta samun iri ita ce a bar waɗannan su bushe a yanke kawunan furen. Ba a kashe ko dala ba. Sai dai ɗa yana gadon uwa: irin da anka ɗiba daga mai saurin fure yakan ba da masu saurin fure da yawa.

Mu ba haka munka yi ba. Lokacin girbi mun zaɓi kawuna masu launi ɗaya, masu siririn wuya, waɗanda ba su fidda kara ba. Mun ajiye su duk tsawon damina, muna dubawa muna fitar da ruɓaɓɓu. Waɗanda sunka tsallake damina lafiya su munka mayar ƙasa da shigowar sanyi, sunka yi fure, munka yanke iri a watan Maris. Wannan shi ne wahalar da munka rubuta a takardar farko. Kuskurenmu, mun kira shi wahala maimakon mu faɗi abin da anka yi. "Mun sha wahala" roƙo ne. "Daga kawunan da sunka yi damina a rudu anka fitar da shi, ba daga masu furen shekarar farko ba" labari ne da duk mai garka ya san kuɗinsa. Kuma ana iya bincikarsa, don garkarmu a bakin hanya take, mutane sun ga lokacin da munka dasa kawunan. Shi ya sa munka sa sunan garin da wurin garkar a takarda.

A nan sai an yi hattara. Wata daga cikinmu ta so a rubuta "ba ya fure ko ɗaya". Mun hana. Sanyi mai tsanani, ko dashen da ya girma da yawa kafin sanyin ya kama, suna iya sa albasa fure ko da irin na kirki ne. Mu abin da hannunmu ya yi za mu iya rantsuwa a kansa. Abin da sanyin bana zai yi ba namu ba ne.

Tsoro na uku shi ne awo da datti. Gwangwani suna ne kawai. Akwai wanda anka buga wa gindi, akwai kuma irin da kashi ɗaya cikin biyar ɗinsa ƙaiƙayi ne da ƙwayoyi marasa ciki. Namu bayan sheƙa mun zuba shi a ruwa, masu nauyi sunka nutse, ƙaiƙayi da marasa ciki sunka taso munka kwashe, sannan munka shanya shi nan take a inuwa har ya bushe sarai. Wannan wankin ya rage mana yawa, shi ma yana cikin abin da ya ɗaga kuɗin. Munka rubuta shi a gajarce, munka kuma ajiye gwangwanin awon a kan tebur, duk mai so ya juya gindinsa ya gani.

Ga takarda ta biyu, yadda ta fita bayan gogewa da sakewa:

Irin albasa ja, ɗan Galmi. An yanke shi watan Maris na bana.
Daga zaɓaɓɓun kawuna da sunka yi damina a rudu, ba daga masu furen shekarar farko ba.
An gwada ranar 20 ga Satumba: cikin ƙwaya 100, 88 sun tsira.
An wanke shi, babu ƙaiƙayi. Awo: gwangwanin madara, shafe da baki.
Kuɗi: 2500 F, wato jika 2 da rabi. Ya ɗara na kasuwa da dala 100.
Gwada 100 a jiƙaƙƙen tsumma. In ba su kai 80 ba a kwana 12, maido ledar ka karɓi kuɗinka.

A ƙasa sai sunan ƙungiya, da garinmu, da lambar waya.

Ku lura da layin kuɗi. Da farko mun ji kunyar rubuta cewa ya fi na kasuwa, kamar muna tona wa kanmu asiri. Amma mai saye ya riga ya zaga kasuwa, ya san kuɗin kowa kafin ya iso wurinmu. In mun yi shiru, sai ya ɗauka muna fatan bai sani ba. In mun faɗa da bakinmu, sai ya daina tunanin jika 2 da rabi, ya koma auna dala 100 kawai: shin layuka huɗun da ke sama sun kai dala 100? Wannan ciniki ne mai sauƙin ci. Kuma shi ya sa kuɗin ya zo bayan dalilai, ba gabansu ba.

Ku kuma lura mun rubuta kuɗin iri biyu. Mu da dala muke lissafi, takarda kuwa da sefa take magana. In kin rubuta 500 kawai, wani zai karanta sefa 500, wani dala 500, tsakaninsu kuwa ninki biyar ne. Mun taɓa ganin rigima a kan haka. A sa harafin F, a kuma faɗe shi yadda baki ke faɗi.

Akwai abu guda da munka sani amma ba mu rubuta ba. Don mu san inda muke, mun sayi gwangwani ɗaya na jika 2 a kasuwa munka gwada shi tare da namu, ya ba da 60. Lissafin a fili yake: kafin ka samu dashen da gwangwaninmu ɗaya zai ba ka, sai ka yafa kusan ɗaya da rabi na wancan, wato kusan jika 3. Mai arhar shi ne mai tsada. Ƙananan cikinmu sun so a rubuta wannan da manyan baƙaƙe. Uwar ƙungiya ta ce a'a, kuma ta yi daidai. Gwangwani ɗaya munka gwada, na mutum ɗaya. Akwai masu iri na kirki a kasuwa, wasu ma sun fi mu daɗewa a aikin. In mun rubuta cewa na kasuwa 60 yake bayarwa, mun yi wa mutane da yawa ƙazafi, kuma gobe da su za mu zauna layi ɗaya. Abin da munka yi, mun ajiye tsumman gwajinmu a faranti, da tsironsa, kusa da kayan. Mai garka ya fi mu iya lissafin. Da ya ga 88, shi da kansa yake tuna abin da ya same shi bara.

Layin ƙarshe shi ne ya fi ba mu tsoro, shi ne kuma ya fi aiki. Alkawarin maida kuɗi yana gaya wa mai saye cewa in ƙarya ce, mu za mu yi asara, ba shi ba. Amma alkawari sai da iyaka. Mun ɗaure shi a kan tsumma, ba a kan fangali ba, don a fangali akwai tururuwa, akwai ruwan ƙarshen damina mai dukan ƙasa, akwai mai binne iri da zurfi. Mun sa 80 ba 88 ba, don a bar wa hannun kowa ɗan fili. Kuma kafin mu rubuta, ma'ajiya ta ware kuɗin gwangwani 10 ta ce ba mai taɓa su sai lokacin yafi ya wuce. Kada ƙungiya ta rubuta alkawarin da akwatinta ba zai iya ɗauka ba.

Saura maganar masu karatu. Da yawa cikin masu sayenmu ba su karanta boko. Shi ya sa munka tsaya a layi shida gajeru, waɗanda ɗan makaranta zai karanta wa kakansa a tsaye. Mijin ɗaya daga cikinmu ya juya ta da ajami a bayan takardar, kuma dattawa sun fi tsayawa a wannan gefen. Da za mu aika ta waya zuwa ƴan uwa a Tamaske da Karofane, sakatariya ta karanta layukan nan shida da murya, ba ƙari ba ragi, don kada abin da kunne ya ji ya saɓa da abin da ke jikin leda.

To, yaya ta ƙare? Ba za mu ce muku an yi wawaso ba. Har yanzu akwai waɗanda sunka karanta sunka ce jika 2 gare su, sunka wuce, kuma ba mu ga laifinsu ba. Amma daga ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Nuwamba mun sayar da gwangwani 43 a kan jika 2 da rabi, ba mu rage ko dala ba. Dattijon nan ya karɓi tsunkule ɗaya kyauta, ya tafi, bayan sati biyu ya aiko jikansa da kuɗin gwangwani 5.

Mutum ɗaya ya dawo da faɗa, wai fangalinsa bai fito ba. Mun tambaye shi ko ya gwada a tsumma, ya ce a'a. Akwai ragowar iri a ledarsa, munka ƙirga 100 a gabansa, ya sa alama a tsumman, anka ajiye a gidan mai gari. Ranar kwana 12 anka samu 85. Bai nemi kuɗi ba, amma bai sake gaishe mu ba sai bayan salla. Da a ce "mai kyau ƙwarai" munka rubuta, da ba mu da abin da za mu buɗe a gaban mai gari.

Gwangwani 13 sunka rage. A ƙarshen Nuwamba mun sake gwaji, ya sauko 79. Takardar da ke cewa 88 ta zama tsohon labari, sai munka yage ta. Mun rubuta sabuwa da sabuwar rana da sabuwar lamba, mun cire layin maida kuɗi, mun sa jika 2, mun ƙara da cewa a ɗan yawaita wajen yafi. Masu dashen baya sunka kwashe. Bashin asusu mun biya shi kan lokaci.

Wannan na ƙarshe shi ne abin da muke so ya zauna muku. Takarda ba ta ƙara wa kaya daraja, tana nuna wadda ke ciki ne kawai. In kin gwada kin ga naki daidai yake da na kowa, ki sayar a kuɗin kowa, ba abin kunya ba ne. In kuwa akwai bambanci, ki nemo shi, ki auna shi, ki rubuta shi da lamba da rana. Mai man gyaɗa ta faɗi ranar da ta matse, da ko kwalbar lita ce cikakka. Mai tabarma ta faɗi tsawo da faɗi da kamu, ba "babba" ba.

Kafin zubi na gaba, kowace ƙungiya ta ɗauko takardar kayanta guda, a karanta a tsakiyar tabarma. Duk layin da maƙwabciyarku a kasuwa za ta iya kwafa ta manna a nata kayan ba tare da ta yi ƙarya a fili ba, ku ja masa layi. Abin da ya rage shi ne dalilin kuɗinku. In ba abin da ya rage, to aikin ba na biro ba ne tukuna. Ku aiko mana da abin da kunka samu ta hannun wakiliyarku.

Allah ya sa albarka a asusu. Sai fitowa ta gaba.